Hoto ɗaya, fayil huɗu: yadda shafi ke rage cin megar mai karatu

Wanda ya saba karanta labarai a waya ya san wannan yanayi. Rubutu ya fito tun ɗazu, amma wurin hoton fari ne fat, daga baya hoton ya soma saukowa kaɗan-kaɗan daga sama. Kafin ya gama fitowa, megar da aka saya da safe ta ragu. Yawanci rezo ake ɗora wa laifi, wani lokacin kuma da gaskiya. Sai dai sau da yawa matsalar daga shafin take: an aiko wa ƙaramar waya hoton da aka tanada don babban allo.

Hoton da waya ko kyamara mai megapiksel 12 ta ɗauka yana da ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsayi, wato ɗigo miliyan 12, kuma nauyinsa kan kai mega biyu zuwa biyar. Wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno, Itel da Infinix da suka cika hannun matasa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da yawansu ɗigo 720 ne faɗin fuskarsu. Hoto mai ɗigo 800 a faɗi da 600 a tsayi ya wadace su, shi kuwa ɗigo 480,000 ne kawai. Idan aka aika musu na asalin, sun sauke ɗigo ninki 25 na abin da suke bukata. Wayar ta karɓa, ta matse shi, ta watsar da sauran. Mai wayar ya biya kuɗin duka, amma idonsa bai ga ƙari ba.

Maganin wannan yana cikin harshen HTML fiye da shekara goma. Kalmomi biyu ne da ake ƙarawa a alamar hoto ta `img`: `srcset` da `sizes`. Ta farko ta shahara, kuma manhajoji da dama suna rubuta ta da kansu. Ta biyun ce ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ita ce ke sa ta farko ta yi amfani.

Yadda aka zo nan

A shekarar 2010 abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda. A watan Mayu, mai tsara shafuka Ethan Marcotte ya wallafa maƙalar da ta yaɗa tsarin gina shafi ɗaya mai miƙewa da tsukewa daidai da kowace fuska. A watan Yuni kuma kamfanin Apple ya fito da iPhone 4, wadda ta cusa ɗigo ninki biyu a faɗi da tsayi cikin fuska mai girma ɗaya da ta wayar da ta gabace ta. Rubutu da tsarin shafi sun iya bin wannan sauyi, amma hoto ya maƙale, domin alamar `img` adireshin fayil ɗaya tak take karɓa.

An ɗauki shekaru ana muhawara tsakanin masu gina shafuka da masu ƙera burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, Firefox da Safari. An gabatar da shawarar `srcset` a 2012. Chrome ta 38 ta zo da cikakken tsarin a watan Oktoban 2014, Firefox da Safari suka biyo baya a 2015. A Disamban 2015 WordPress ta 4.4 ta soma saka `srcset` da `sizes` a hotuna ba tare da an nema ba. Yau kusan duk burauzar da ke cikin wayar Android ta san su. Tsohuwar da ba ta san su ba tsallake su take yi, ta ɗauki fayil ɗin da ke cikin `src` kamar da.

Ɗigo iri biyu

Kafin a fahimci zaɓin da burauza ke yi, sai an raba abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya, piksel. Akwai ɗigon gilashi, wato ƙananan fitilun da ke jikin fuskar waya. Akwai kuma ɗigon awo, wanda masu tsara shafi ke rubutawa `px`. Wayar da ke da ɗigon gilashi 720 a faɗi galibi takan gaya wa shafi cewa faɗinta `360px` ne. Ma'ana kowane ɗigon awo yana cin ɗigon gilashi biyu a faɗi. Wannan adadi shi ne ninkin fuska. A kwamfutar ofis ta yau da kullum 1 ne, a irin waɗannan wayoyi 2 ne, a manyan wayoyi kuma yakan kai 3.

Saboda haka hoton da zai zauna a gurbi mai faɗin `300px` yana bukatar fayil mai ɗigo 300 a kwamfutar ofis, 600 a waya mai ninki 2, da 900 a mai ninki 3. Idan aka ba da ƙasa da haka sosai, hoton ya yi dishi-dishi. Idan aka wuce haka, asarar mega ce.

Abin da burauza ta sani, da wanda ba ta sani ba

Burauza ta san faɗin fuskar da take aiki a kai, ta kuma san ninkinta. Abubuwa biyu ne ba ta sani ba. Na farko, girman fayilolin da ke ajiye a can kan babbar kwamfutar shafin, tunda ba ta sauke su ba tukuna. Na biyu, faɗin gurbin da hoton zai zauna a cikin shafi.

Na biyun yakan ba mutane mamaki, tunda ai ita burauzar ce ke shimfiɗa shafin. Dalilin shi ne gaggawa. Da zarar rubutun HTML ya soma isowa, wani sashe na burauzar yakan yi gaba yana leƙen adireshin hotuna, ya soma sauke su tun kafin fayil ɗin CSS, mai faɗin inda kowane abu zai zauna, ya iso a gama aiki da shi. Wannan riga-kafi yana sa shafi ya buɗe da wuri, amma yana nufin ana zaɓen fayil kafin a auna gurbinsa. Kamar mutum ne aka aika kasuwa sayen yadi kafin tela ya yi awo: in ba a gaya masa na yaro ba ne ko na babba, zai sayo mai yawa ne don gudun kada ya gaza.

`srcset` ke amsa tambaya ta farko: ga fayilolin da ake da su, ga faɗin kowanne. `sizes` ke amsa ta biyu: ga faɗin da hoton zai ci a shafi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki shafin labarai mai tsari kamar haka. A waya, hoton saman labari yana cika faɗin fuska, in ban da tazarar `16px` a dama da hagu. A fuska mai faɗin `900px` zuwa sama, labarin yana zama a shafi na tsakiya mai faɗin `640px`. Ɗan jarida ya kawo hoton kasuwa mai ɗigo 4000 a faɗi, an fitar da kwafi huɗu daga cikinsa: 400, 800, 1200 da 1600.

```html
<img src="kasuwa-800.jpg"
  srcset="kasuwa-400.jpg 400w, kasuwa-800.jpg 800w,
          kasuwa-1200.jpg 1200w, kasuwa-1600.jpg 1600w"
  sizes="(min-width: 900px) 640px, calc(100vw - 32px)"
  width="800" height="600" alt="Masu sayar da albasa a kasuwa">
```

Harafin `w` da ke bayan kowace lamba yana nufin ainihin faɗin fayil ɗin. Layin `sizes` kuwa daga hagu ake karanta shi, kuma sharaɗin farko da ya dace shi ake ɗauka. Yana cewa: idan faɗin fuska ya kai `900px`, hoton zai ci `640px`, in ba haka ba, zai ci dukan faɗin fuska, wato `100vw`, a cire `32px`.

Mai karatu na farko yana Maraɗi da waya mai faɗin `360px` da ninki 2. Sharaɗin farko bai shafe shi ba, don haka gurbin ya zama 360 a cire 32, wato 328. A ninka sau biyu, ana bukatar ɗigo 656. Fayil mai 400 ya gaza, mai 800 ya isa. Burauza ta sauke `kasuwa-800.jpg` kaɗai, sauran ukun ba ta taɓa su ba.

Na biyu ɗan Nijar ne mazaunin waje, da waya mai faɗin `390px` da ninki 3. Gurbinsa 358 ne, sau uku 1074. Zai samu mai 1200. Na uku ma'aikaciya ce a wani ofis a Yamai, da kwamfuta mai faɗin `1366px` da ninki 1. Sharaɗin farko ya dace da ita, gurbi 640, ninki 1, ana bukatar 640. Ita ma mai 800 za ta samu, duk da cewa allonta ya fi na kowa girma. Wannan ya nuna girman na'ura ba shi ke yanke hukunci ba. Faɗin gurbi da ninkin fuska ne.

Hukuncin ƙarshe dai na burauza ne, ƙa'idar ta bar mata wannan ƴanci da gangan. Kwamfuta mai ninki 2 tana bukatar ɗigo 1280 a gurbi mai 640. Wata burauza za ta hau zuwa 1600, wata kuma ta wadatu da 1200 tunda ya kusa. Mai shafi ba ya ba da umarni a nan. Bayani yake bayarwa, kuma ingancin zaɓin ya dogara da gaskiyar bayanin.

Inda mega ke zuba

Babbar ɓarakar ba a hoton saman labari take ba. Tana shafin farko ne, inda ake jera kanun labarai kowanne da ɗan ƙaramin hoto a gefe. A ce faɗin kowane ɗan hoto `96px` ne. A waya mai ninki 2, ɗigo 192 ake bukata, don haka fayil mai 200 ya isa.

Idan aka rubuta `srcset` aka manta `sizes`, burauza ba ta tsayawa, kuma ba ta nuna wa mai karatu wata alamar kuskure. Sai ta ɗauka cewa hoton zai cika fuska gaba ɗaya, wato `100vw`. Ta lissafa 360 sau biyu, 720, ta sauke mai 800. Daga nan CSS ya matse shi zuwa `96px`. A ido komai daidai yake, hoton ma ya fito tar. Amma fayil mai 800 da 600 ya ninka mai 200 da 150 sau 16 a yawan ɗigo.

A yi lissafi da nauyi na misali: a ce babban kilobait 90 ne, ƙaramin kilobait 10. Shafi mai irin waɗannan hotuna 20 zai ci kilobait 1800 a maimakon 200. Bambancin kusan mega 1.6 ne a buɗewa ɗaya. Tunda hotunan labarai kullum sabbi ne, wanda ke leƙa shafin sau ɗaya a rana zai yi asarar kusan mega 48 a wata a kan abin da idonsa bai gani ba. Ga mai sayen mega na yini ko na mako a Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecom, wannan kuɗi ne daga aljihu. Ga gidan jaridar kuma, mai karatu ne da ka iya gajiya da jira ya fita. Gyaran kuwa gajere ne: a ƙara fayil mai 200 cikin jerin, a rubuta `sizes="96px"`.

Kuskuren yana iya juyewa ta ɗaya gefen. Idan an canza tsarin shafi, hoton ya faɗaɗa, amma `sizes` ya ci gaba da faɗin tsohuwar ƙaramar lamba, burauza za ta sauke ƙaramin fayil ta miƙe shi, hoton ya yi dishi-dishi. `sizes` ba ya bin CSS da kansa, sai an gyara su tare.

Akwai wasu tarkuna da ke maimaituwa. Lambar da ke gaban `w` dole ta zama ainihin faɗin fayil. Idan an rubuta `800w` a kan fayil mai ɗigo 2000, lissafin ya lalace tun daga tushe. Ba a rubuta kashi cikin ɗari, irin `50%`, a `sizes`. `50vw` ake rubutawa, wato rabin faɗin fuska. Ba a kuma haɗa alamar `w` da ta `x` a jeri ɗaya. Ita `x`, kamar `2x`, ta dace ne da hoton da girmansa ba ya canzawa, irin tambarin jarida, kuma ba ta bukatar `sizes`. Sannan idan shafin ba shi da wannan layi a kansa, burauzar waya takan ɗauka faɗin shafin kusan `980px` ne, duk lissafin `vw` ya hau kan wannan lamba:

```html
<meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1">
```

Ga masu aiki da WordPress

Gidajen jarida da dama WordPress suke amfani da shi, kuma yana ɗauke rabin aikin. Duk hoton da aka ɗora, yakan yanka kwafi masu faɗi 300, 768 da 1024, tun daga fitowa ta 5.3 a 2019 kuma har da 1536 da 2048, in hoton ya kai. Ya jera su a `srcset`. Amma WordPress bai san faɗin gurbin da tsarin kwalliyar shafin ya ware ba, sai ya yi hasashe. Ga hoton da aka saka a girman 1024, abin da yakan rubuta shi ne `(max-width: 1024px) 100vw, 1024px`.

Ga hoto mai cika fuskar waya, hasashen ya kusa daidai. Ga hoton da ke gurbi mai 640 a kwamfuta, ya wuce kima. Ga hotunan da aka jera biyu-biyu a waya, ya ninka gaskiya. Mai kula da shafi na iya gyara shi ta hanyar matatar `wp_calculate_image_sizes`. Idan kuma an ƙara sabon girma, tsofaffin hotuna ba sa samun sa sai an sake yanka su, misali da umarnin `wp media regenerate`.

A 2024 aka samu wani sauƙi. Chrome ta 126 ta soma karɓar `sizes="auto"`, WordPress ta 6.7 kuma ta soma saka shi. Yana aiki ne kawai a hoton da ke da `loading="lazy"`, wato wanda ba a sauke shi sai mai karatu ya kusa isowa gare shi. A lokacin an riga an shimfiɗa shafi, burauza ta san gurbin da kanta. Ana rubuta `auto` a farko, a bi shi da lambar hannu saboda burauzar da ba ta san shi ba: `sizes="auto, 96px"`. Amma hoton saman labari bai kamata a jinkirta shi ba, tunda shi ne abin da ido ke fara nema. Shi dole a rubuta masa `sizes` na gaskiya.

Yadda ake gane wane fayil aka sauke

Ido ba ya gane wannan matsala, musamman idon wanda ya gina shafin yana zaune kan wayifai na ofis. Sai an duba. A Chrome na kwamfuta, a danna `F12` don buɗe kayan binciken shafi, a kunna kwaikwayon waya, a saita faɗi 360 da ninki 2. A shiga sashen `Network`, a sa alama a `Disable cache`, a zaɓi `Img`, sannan a sake loda shafin. Kowane hoto zai fito da sunan fayil da nauyinsa. Ana kuma iya rubuta wannan a sashen `Console`:

```js
const h = document.querySelector("article img");
console.log(h.currentSrc, h.clientWidth, devicePixelRatio);
```

Zai nuna fayil ɗin da aka zaɓa, faɗin gurbin, da ninkin fuska. A ninka lambobin biyu, a kwatanta da faɗin fayil. Idan gurbi 96 ne, ninki 2, amma fayil ɗin mai 800 ne, `sizes` na ƙarya.

Kashe ma'ajiyar wucin gadi da `Disable cache` yana da muhimmanci. Idan Chrome ta riga ta sauke babban fayil, takan ci gaba da amfani da shi ko da an tsuke taga, tunda sauke ƙarami a lokacin ƙarin asara ne. Masu koyo da yawa sukan tsuke taga, su ga sunan fayil bai canza ba, su ɗauka aikin bai yi ba.

Iyakar abin

`srcset` ba ya ƙirƙirar fayil, zaɓi kawai yake yi cikin waɗanda aka tanada. Idan mafi ƙanƙanta a jerin mai 1200 ne, shi kowa zai samu. Ba ya kuma rage nauyin hoton da ba a matse da kyau ba. Ana ɗauka cewa duk fayilolin jerin hoto ɗaya ne da girma daban-daban. Idan ana so waya ta ga fuskar mai magana kusa-kusa, kwamfuta kuma ta ga dukan zauren taro, ko ana so a miƙa nau'in WebP ko AVIF ga burauzar da ta iya, aikin alamar `picture` ne. Hoton da aka shimfiɗa a bango ta CSS bai shiga wannan tsari ba. Shi ma ɗan hoton da ke fitowa idan an tura adireshin labari a WhatsApp ko Facebook daga alamar `og:image` yake fitowa, `srcset` ba ya taɓa shi.

Lambobin `width` da `height` da ke cikin misalin su ma suna da aiki. Su ke ba burauza damar ware wa hoto wurinsa tun kafin ya iso, don kada rubutu ya yi tsalle lokacin da mutum ke tsakiyar karatu.

Ga gidan jarida ko matashin da ke gina wa ƴan kasuwa shafi, wurin farawa shi ne shafin farko, inda ƙananan hotuna suka fi yawa. A buɗe shi a faɗin 360 da ninki 2, a jera hotunan bisa nauyi, a duba guda biyar na sama. Duk wanda faɗin fayil ɗinsa ya wuce ninki biyu na abin da lissafi ya nuna, `sizes` ɗinsa ko jerin fayilolinsa na bukatar gyara.